Daga ɗorawa zuwa maƙalawa: kundin wasan bulo na yarana

12 Maris 2022, tana da wata 14

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da hannun 'yata yake iya yi da bulon wasa, da lokacin da ya dace a sauya mata wani iri. Shekarun da ake bugawa a jikin kwali suna da amfaninsu, amma ina so in gani da idona abin da ke sa yaro ya tashi daga wannan iri ya koma wancan.

Iri biyu muke da su yanzu: manyan bulon soso masu kimanin santimita 10, da na katako masu santimita 4 ta kowane gefe. Gini dai babu shi tukuna. Ɗauka take yi ta kai lungu ta zubar, ta kwaso ta cika kwando, ta kife kwandon. In na ɗora mata uku, ta kai musu mari tana dariya. Ban ɗauki wannan ɓata lokaci ba. Harriet Johnson, malamar ƙananan yara a New York wadda ta bayyana matakan wasan bulo a 1933, da ɗauka da yawo da bulon ta fara lissafinta, kafin a zo ga ɗorawa da jerawa.

Abin da na fi sa wa ido shi ne sakin hannu. Damƙar abu tana zuwa wa yaro da wuri, amma buɗe yatsu da gangan, a daidai wurin da yake so, wannan sai daga baya. Yau ta kai bulo na biyu kan na farko, ta danna shi da ƙarfi, sai dai da ta zo janye hannu yatsunta ba su gama buɗewa ba, suka jawo shi ƙasa. Ta san inda za ta ajiye. Hannun ne bai iya rabuwa da abin ba.

23 Yuli 2022, wata 18

Hasumiyar bulo uku ta tsaya, wani lokacin huɗu. Wannan ya yi daidai da ma'aunin da likitocin yara suke amfani da shi: biyu a wajen wata 15, uku zuwa huɗu a wata 18, shida a shekara biyu, tara ko goma a shekara uku. Su da 'yan ƙananan katako masu santimita 2.5 suke gwadawa, namu kuwa sun fi girma, don haka ba na ƙwaƙule lissafin. Yara ma ba sa tafiya tare, tazarar watanni tsakanin wannan da wancan ba abin tayar da hankali ba ce.

Na zauna na lissafa dalilin da ya sa ta tsaya a huɗu, kuma lissafin ya gamsar da ni. Faɗin bulon santimita 4 ne, wato daga tsakiyarsa zuwa bakinsa santimita 2. Hasumiya tana tsayuwa ne muddin tsakiyar nauyin duk bulon da ke sama ba ta wuce bakin na ƙasa ba. Ita kuma kullum gefe ɗaya take gocewa, wajen hannun da take ɗorawa da shi. Idan kowane bulo ya goce da santimita 1, to na huɗu yana kan gaɓar faɗuwa, na biyar kuwa ba zai tsaya ba ko ta lallaɓa shi yaya. Idan gociyar ta ragu zuwa rabin santimita, sai a kai takwas kafin a zo wannan gaɓa. Ashe ƙidayar bulon hasumiya awon saitin hannu ne kawai, shi ya sa adadin yake ƙaruwa a hankali tare da watanni, ba a koya shi da rana ɗaya.

Abubuwa biyu na gyara. Na dawo da wasan kan daɓe mai tauri, domin kafet yana lotsawa, bulon ƙasa ya karkace tun kafin a ɗora na biyu. Na kuma ware bulon da aka yi wa fenti mai sheƙi, saboda santsi gare su. Katakon da aka goge ba a shafa masa komai ba ya fi riƙe ɗan'uwansa. Na soso kuwa sun fara zama tarihi: ba su da nauyi, gefen rigarta ma in ya taɓa su sun zube, ga shi ta fara gatsa musu haƙori tana cire ɓarɓashi. Na kwashe su.

15 Oktoba 2022, wata 21

An kawo mata kyautar manyan bulon roba masu manyan haƙora a samansu, irin waɗanda ake rubuta wa daga shekara ɗaya. Suna shiga juna sako-sako, ba sai an danna ba. Nan take ta yi hasumiyar da ta kai mata ƙirji, babanta har da tafi. Ni dai na san bulon ne ya yi rabin aikin: in ta ajiye shi a karkace, haƙorin ne yake jawo shi ya zauna daidai. Na gwada ta da na katako a yammacin nan, huɗu ne dai kamar da. Zan bar mata iri biyun a kwanduna daban. Na robar yana koya mata cewa bulo yana da sama da ƙasa, abin da na katako bai taɓa nema daga gare ta ba.

18 Fabrairu 2023, shekara 2 da wata 1

Mun shiga Duplo, manyan bulon roba na kamfanin Lego. Jakar da muka samu ta hannu ce, wasu yara sun riga sun yi wasa da ita, don haka na zazzage ta a kan tebur bayan yarinyar ta yi barci. Na tsinci 'yan ƙananan bulon Lego a ciki da wata 'yar taya, na ware su can sama. Sauran na wanke da hannu a ruwan ɗumi da sabulu. Kamfanin ya ce kada zafin ruwan ya wuce digiri 40, domin zafi yana lanƙwasa robar, bulon da ya lanƙwashe kuma ba ya sake kamawa.

Duplo ya fito ne a 1969. Ninki biyu ne na ƙaramin bulon Lego a tsawo da faɗi da tsayi, wato girman jikinsa ninki takwas ke nan. Mai haƙora takwas yana da tsawon kimanin milimita 64 da faɗin 32. Bambancinsa da manyan da ta saba da su shi ne yana kamawa da gaske, kuma wannan ya kawo mata sababbin ayyuka uku da ta ci karo da su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko juyawa. Tana ɗora bulo a ɗan karkace, haƙora su ƙi shiga, sai ta ƙara ƙarfi maimakon ta murɗa wuyan hannu kaɗan. Ban karɓa na yi mata ba. Na riƙe na ƙasan, na ce, "Juya shi kaɗan har ki ji ya faɗa." Na biyu dannawa. Da yatsu take turawa ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗage, a bar 'yar kafa tsakanin bulo biyun. Ginin da ke da irin wannan kafa a nan yake karyewa in an ɗaga shi. Maganin shi ne tafin hannu a tsakiyar bulo, da nauyin kafaɗa a kai, bulon kuma yana ƙasa ba a iska ba.

Na uku shi ne rabawa, kuma shi ya fi ba ta haushi. Tana jan bulo biyu kai tsaye, kowane hannu na ja gefensa, ba sa rabuwa, sai ta miƙo min: "Umma, cire." Na nuna mata a karya su ta gefe kamar ana buɗe murfi, domin haƙoran su saki ɗaya bayan ɗaya maimakon duka a lokaci guda. Na rubuta wannan da babban baƙi don ina jin zai dawo: yaron da zai iya haɗawa amma ba zai iya rabawa ba, ba zai iya gyara kuskurensa ba, kuma wasansa yana tsayawa ne a duk inda babba ya tashi.

Da na katako ta kai shida. Ta kuma fara jera su a kwance tana turawa, wai jirgin ƙasa.

9 Satumba 2023, shekara 2 da wata 8

An yi mata ƙani a watan Yuni, kundin ya sha ƙura. Tana raba Duplo da kanta yanzu, sai dai masu haƙora huɗu in sun hau juna daidai wa daida, su kan gagare ta don babu wurin kamawa. Duk gininta dogo ne siriri, ko layi miƙaƙƙe a ƙasa. Ta fara ware launi.

24 Fabrairu 2024, shekara 3 da wata 1

Gada ta samu. Bulo biyu a tsaye da tazara a tsakani, na uku a kwance a kansu. Wata uku ke nan ina kallon ta tana fama da wannan. Da farko manne biyun take yi da juna, ta ɗora na uku, babu ƙofa. Sai ta koma raba su da nisa, na saman ya faɗa tsakiya. Yau na ga ta riƙe na saman a hannu, ta kalle shi, ta matso da ƙafa ɗaya kafin ta ɗora. Ta auna da ido ke nan kafin ta aikata, abin da ban taɓa gani a wurinta ba.

Da katako ta yi wannan, ba da Duplo ba, kuma ina ganin akwai dalili. A Duplo haƙora ne suke yanke tazara, ko ya shiga ko bai shiga ba. A katako kowace tazara mai yiwuwa ce, ita za ta zaɓa, nauyi kuma ya yi mata hukunci. Shi ya sa da babanta ya ce a ba da na katakon tunda ta girme su, na ce a'a, ƙari ma zan yi.

Na samo irin waɗanda Caroline Pratt ta tsara a New York a farkon ƙarni na 20, waɗanda makarantun yara suke amfani da su har yau. Bulon asali a cikinsu yana da kimanin santimita 14 a tsawo, 7 a faɗi, 3.5 a kauri, wato kowane awo rabin na gabansa ne. Sauran duk daga shi aka yanko su: rabinsa, ninkinsa biyu, ninkinsa huɗu. Amfanin wannan a hannun yaro yake fitowa. In dogon bulo ya ƙare mata, gajeru biyu suna cike gurbinsa ba ragi ba ƙari, kuma ta gano haka ba tare da na ce uffan ba.

Ta fara zagaye fili da su ta sa dabbobin roba a ciki. Kusurwa ta huɗu ce take ba ta wahala, kullum shingen a buɗe yake ƙarewa.

20 Yuli 2024, shekara 3 da rabi

Wannan makon na katanga ne, kuma zan rubuta shi dalla-dalla domin shi nake so ta iya kafin a taɓa ƙananan bulo.

Ta gina katangar Duplo mai tsawon haƙora takwas. Layin farko bulo biyu masu tsawon haƙora huɗu-huɗu. Layi na biyu haka, na uku haka, kowanne ya hau kan na ƙasansa daidai. Da ta ɗaga don ta nuna wa babanta, katangar ta rabe biyu a hannunta. Ta ɗauka ba ta danna sosai ba ne, ta sake dannawa, ta sake rabewa. Gaskiyar ita ce ba katanga ta gina ba, ginshiƙai biyu ne suke tsaye kafaɗa da kafaɗa, babu abin da ya haɗa su. Tsagar da ke tsakiya ta tashi tun daga ƙasa har sama.

Na gina tawa a gefenta. Layin farko huɗu da huɗu, mahaɗarsu a tsakiya. Layi na biyu na fara da gajere mai tsawon haƙora biyu, sai dogo mai huɗu, sai wani gajere mai biyu. Dogon ya zauna a kan mahaɗar ƙasa, haƙora biyu a wannan bulo, biyu a wancan, ya ɗaure su. Layi na uku na koma huɗu da huɗu. Haka magina suke jera bulon siminti, ba sa barin mahaɗa ta hau kan mahaɗa. Na ce ta ɗaga tawa ta gefe ɗaya. Ta ɗaga, ta girgiza, ba ta rabe ba.

"Umma, taki ta fi ƙarfi."

"Nemo min tsagar da ke taki. To, wane bulo za ki sa ya rufe ta?"

Ta ɗauki dogo ta ɗora a can saman tsagar. Katangar ta riƙe daga sama, ƙasan yana buɗewa kamar almakashi. Na bar ta a haka, don rabin fahimtar ke nan. Kwana biyu bayan nan ta sa mai rufewar a layi na biyu. Har yanzu ba ta fara layi da gajeren bulo da kanta, sai ta ga dogo ya yi saura a baki sannan ta nemi abin cikewa. Kusurwa kuma ba mu taɓa ba. A can ma dokar ɗaya ce: a wannan layi bulon katangar hagu ne yake shiga kusurwa, a layi na gaba na katangar dama.

Tsarin da ke sa wannan ya yiwu shi ne wanda Lego ya yi wa rajista ranar 28 ga Janairu 1958: haƙora a sama, bututu a cikin ƙasan bulo. Haƙorin yana matsewa ne tsakanin bututun da bangon bulo, shi ya sa bulo yake kamawa ko da rabinsa kawai ya hau. Bulo biyu masu haƙora takwas, launi ɗaya, ana iya haɗa su ta hanya 24. 'Yata ta shekara tana amfani da guda ɗaya tak a ciki.

16 Nuwamba 2024, shekara 3 da wata 10

Ta ga ƙananan bulo a wurin wata ƙawarta, ta dawo da rigima. Hannunta ya kusa isa: tana ɓalle maɓallin riga, tana riƙe fensir da yatsu uku, ta daina kai kayan wasa baki tuntuni. Matsalar ƙaninta ne, mai wata 17, wanda komai ya tsinta sai ya ɗanɗana.

A nan ba na sassauci. Lambobin da ke jikin kwali iri biyu ne. Wanda ya ce 4+ ko 6+ yana maganar wahalar ginin ne, ana iya yi masa gaba ko baya gwargwadon yaro. Gargaɗin da ya ce ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, wannan maganar shaƙewa ce, kuma wayon yaro ba ya faɗaɗa masa maƙogwaro. Ma'aunin da hukumomin Amurka da na Turai suke amfani da shi wani ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7, gindinsa a karkace, zurfinsa daga milimita 25.4 zuwa 57.1. Duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya, ba a yarda a sayar da shi don yaro ɗan ƙasa da shekara uku ba. Ƙaramin bulo mai haƙora takwas, faɗinsa bai kai milimita 16 ba, a tsaye yake shigewa. Duplo mai haƙora huɗu ba ya shiga ta kowace fuska. Wanda ba shi da wannan ma'auni yana iya gwadawa da kwalin tsakiyar takardar bayan gida. Ya fi ma'aunin faɗi, don haka zai hana wasu abubuwan da doka ta yarda da su, kuma ta wannan gefen na fi son a yi kuskure.

Ga yadda muka tsara. Ƙananan bulo suna cikin akwati mai murfin da ke kullewa, a saman kabad. Ana sauko da su ne in yaron yana barci, a kan tebur, cikin tire mai baki. Kafin a mayar, ni da ita mu durƙusa mu duba ƙarƙashin tebur da kujeru da tocila a kwance a ƙasa, domin hasken da ya zo ta gefe yana fito da inuwar ɗan abin da ido ya tsallake.

Ban ba ta saiti mai hoto ba tukuna. Na ba ta ƙananan bulo masu haƙora huɗu da masu takwas zalla, na bar ta ta haɗa su da Duplo ɗinta. Haƙorin Duplo yana da rami a tsakiya, bututun ƙaramin bulo yana shiga ramin, don haka ƙarami mai haƙora huɗu yana zama a kan haƙorin Duplo guda ɗaya. Masu layi ɗaya na haƙora da siraran bulo marasa kauri ba sa zama. Ta yi gindin gida da manyan, ta yi saman da ƙananan. Gini ya yi girma da wuri, yatsunta ba su gaji ba.

22 Maris 2025, shekara 4 da wata 2

Abin da na rubuta da babban baƙi shekara biyu baya ya dawo. Haɗa ƙananan bai ba ta wahala ba. Tazarar haƙora a nan milimita 8 ce maimakon 16, tafin hannu ya yi girma, sai ta koma dannawa da babban yatsa, cikin 'yan makonni ta saba. Rabawa ce ta tsaya mata.

Mafi muni su ne sirara. Kaurinsu milimita 3.2 ne, uku a kan juna suke yin tsayin bulo ɗaya, wato milimita 9.6. In sirara biyu suka manne, babu wurin da yatsa zai kama. Na same ta ta sa haƙori, ga shatar cizo a gefen bulon. Haɗarin biyu ne, ga haƙorinta, ga kuma bulon da zai iya fizgewa ya wuce ciki. Na ba ta ɗan abin ɓamɓarowa da ke zuwa a cikin manyan saiti, mai ruwan lemo. Ana maƙala kansa a kan haƙoran bulon sama, a danna wutsiyarsa ƙasa, bulon ya ɗago. Bakin wutsiyar kuma siriri ne, ana cusa shi tsakanin sirara biyu. Ta iya na farkon, na biyun da saura. Kafin ta iya, na cire ƙananan sirara daga akwatin, na bar manya kaɗan.

Wasu bulo da aka ba mu, ba na kamfani ɗaya da sauran ba, na ware su. Wasunsu sun matse har ni sai da ƙyar, wasu kuma suna zubewa da kansu. Babba zai gane laifin bulon ne. Ita kuwa ɗauka take yi ita ce ba ta iya ba.

28 Yuni 2025, shekara 4 da wata 5

Mun gwada saiti na farko mai littafin hotuna, irin na 4+, ɗan gida mai ƙofa. Irin waɗannan suna zuwa da babban gindi da aka riga aka ƙera, kuma kowane shafi bulo ɗaya ko biyu yake ƙarawa. Aikin da ke nan ba na yatsu ba ne. Dole ta dubi hoton da aka zana ta kusurwa, ta gano abin da ya ƙaru a kan shafin baya, ta nemo shi, ta ƙirga haƙora ta san inda zai zauna.

A wurin ƙofa ta maƙale. Firam ɗin ƙofar faɗinsa haƙora huɗu ne, ya ƙi shiga. Ta yi ta turawa har katangar ta ɓalle. Kuskuren ba a wannan shafi yake ba. Shafi uku baya ta ajiye bulon farko na katangar dama da gociyar haƙori ɗaya, gurbin ya zama uku. Duk abin da ta ɗora bayan nan daidai ne, a kan wuri marar daidai. Muka riƙa komawa baya shafi-shafi, muna ajiye ginin a fuskar da hoton yake kallo, har muka zo inda suka saɓa. Dabarar da ta fi yi mata aiki ita ce ƙirga haƙoran da aka bari a fili daga bakin gindi, ba waɗanda bulon ya rufe ba, domin su ake gani a hoto.

Da ta sake ginawa sai bulon da ke saman ƙofa ya riƙa rawa, gefe ɗaya ya kama, ɗayan yana lilo. Na sa ta kwanta da kai a tebur ta kalli katangun biyu ta gefe. Ta dama ta fi ta hagu tsayi da kaɗan: ta saka siriri ɗaya inda babu shi a hoto. Ta cire shi da abin ɓamɓarowa, da kanta, bulon saman ya zauna.

Bayan kwana uku ta wargaza gidan ta yi wani abu da ta ce asibitin kuliyoyi ne. Babanta ya so a adana littafin da bulon wuri ɗaya don kada su ɓace. Na adana littafin, bulon kuwa sun shiga akwati tare da sauran.

11 Oktoba 2025, ita shekara 4 da wata 9, shi shekara 2 da wata 4

Inda muke yanzu: tana ɗaure katanga da kanta a manya da ƙanana, kusurwa kuma tana samuwa in ta natsu. Tana bin littafin hotuna ba taimako sai wurin nemo bulo. Ƙananan suna riƙe ta kamar rabin awa kafin ta fara dannawa a karkace, alamar yatsu sun gaji. Abin da ban zata ba shi ne ba ta bar na baya ba. In labari take so ta yi da mutane da motoci, Duplo take jawowa don ya fi sauri. In babban abu take so, wanda za ta zagaya ta shiga, katako take kwasowa, kuma gine-ginenta na katako sun fi na bara tsari nesa ba kusa ba, gefen hagu yana amsa na dama.

Ƙaninta bai bi sawunta ba. Ya riga ta iya danna Duplo, don ya taso ya same su a ƙasa, amma hasumiyarsa ta katako ba ta wuce biyar ba, kuma bai damu da ita ba. Na fara fito masa da na katakon su kaɗai da safe, a kan daɓe, kafin a buɗe kwandon roba. Rushe ginin yayarsa shi ne babban aikinsa, don haka na ba ta saman kabad ɗin littattafai ta riƙa ajiye abin da ba ta gama ba.

Dokar tebur da tire tana nan har ya cika uku a watan Yuni mai zuwa, kuma ko a lokacin sai na ga ya daina kai abu baki. Ita kuma zan mayar mata da ƙananan sirara cikin akwati a wata mai kamawa, in ga ko ta iya cusa wutsiyar abin ɓamɓarowar. Tayoyi masu sanda da bulo masu haƙora a gefe suna jira a wata leda daban, ban buɗe ta ba tukuna.